Kafin ka rubuta "yi mini irin na kamfani kaza" a manhajar zane, tsaya ka karanta

1/ Jama'a, ku ba ni minti goma. Zare ne mai ɗan tsawo, kuma na masu haɗa dizayin leda, kwali da lebul da manhajojin AI ne, musamman ƴan uwana ɗalibai da muke neman na data da wannan sana'a. Ra'ayina a taƙaice: sunan kishiyar kayanka ba shi da gurbi a cikin umarnin da kake rubuta wa manhaja. Cire sunan kaɗai kuma bai isa ba. Bari in yi bayani.

2/ Mu fara da abin da ake karewa. Yawancinmu mun ɗauka suna da tambari ne kawai mallakin kamfani. In ka canza "Maggi" zuwa wani suna, shi ke nan ka tsira. Ba haka ba ne. Akwai abin da zan kira shigar kaya: launukan leda, yadda aka jera su, siffar kwalba, salon haruffa, wurin da hoto yake zaune. Duk abin da ido ke gani ya gane kayan kafin ya karanta suna.

3/ Ka tuna yadda ake aike a gidajenmu. Ana ce wa yaro "je ka siyo mai jar leda", ko "mai hoton tauraro", ko "irin wanda muka saba". Mai kanti ma daga nesa yake miƙo hannu ya zaro. Kaka da ba ta karanta boko launi take riƙewa. A kasuwarmu shiga ta fi suna aiki, shi ya sa masu kwaikwayo suke nufarta, shi ya sa kuma doka take kallonta.

4/ A Najeriya hanyoyi biyu ne manya da mai kaya zai bi ya kai ka kotu. Ta farko, in ya yi wa alamarsa rajista kuma ka keta ta. Ta biyu ba ta ma buƙatar rajista: ƙarar sojan gona, wato ka sa kayanka su fito a siffar da mai saye zai zaci na wani ne. Wannan ta biyun ce ta fi shafar mai haɗa dizayin, domin kamannin take dubawa gaba ɗaya.

5/ Abu uku mai ƙara zai nuna. Ɗaya, cewa mutane sun san kayansa da wannan shiga. Biyu, cewa taka shigar za ta iya sa mai saye ya ɗauka kayansa ne, ko suna da alaƙa. Uku, cewa hakan ya cutar da shi ko zai cutar. Shari'ar da ta shahara da wannan tsari ita ce ta ruwan lemon tsami na Jif a Birtaniya, 1990, inda rigimar ta kasance a kan roba mai siffar lemon tsami.

6/ Ku lura da abin da babu a cikin ukun nan: niyya. Ba sai an tabbatar ka yi nufin yaudara ba. "Wallahi ban sani ba, manhaja ce ta fito da shi haka" ba kariya ba ce. Kai ka zaɓi hoton, kai ka kai maɗaba'a, mai kayan kuma ta sa a kasuwa. Manhaja ba ta zuwa kotu.

7/ Kuma ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. A 1959 a Legas, kamfanin burodi na De Facto ya kai wani kamfani ƙara saboda ya naɗe burodinsa a takarda mai launin rawaya da ruwan ƙasa irin tasu. Sunan da ke kan takardar daban ne, "Odus". Kotu ta ce duk da haka sojan gona ne. Burodi fa, shekara sittin da wani abu da suka wuce.

8/ Akwai kuma shari'ar alewar Trebor da kamfanin Associated Industries, wadda ta shiga kundin rahoton shari'u na Arewa a 1972. Nan ma sunan alewar daban ne, amma takardar naɗin ta yi kama da ta Trebor, kuma kotu ta kama su da sojan gona. Darasi ɗaya ne a shari'un biyu: canza suna bai wanke kowa ba.

9/ Adalci ya sa in kawo ɗaya ɓangaren. A 2004 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci tsakanin Ferodo da Ibeto a kan kwalin kayan birki mai ja da baƙi da fari. Ferodo ne ya faɗi. Kotu ta ga kalmar "Ferodo" ce alamar da ke bambanta kayan, launukan kwalin kuma ba a tabbatar sun zama nasu su kaɗai ba. Wato ba kowane kamanni ne laifi ba.

10/ To sai wani ya ce, ka gani, ai ana cin irin wannan shari'a. Ana ci. Amma Ibeto babban kamfani ne da ya iya biyan lauyoyi tun daga kotun farko har Kotun Ƙoli, shekara da shekaru. Antin da ta ba ka aikin lebul daga kicin ɗinta take haɗa kaya. Wasiƙar lauya guda ɗaya ta isa ta sa ta kwashe kayanta daga shaguna. Kar ka jefa ta cikin faɗan da ko ta yi nasara jarinta ya ƙare.

11/ Yanzu mu shiga aiki da misali. A ce wata baiwar Allah tana yin garin daddawa, an daka an haɗa da citta da masoro, ana zubawa a ƙaramar leda. Kishiyarta a kan teburin mai kayan miya ita ce dunƙulen magi. Ta turo maka saƙo: "Don Allah ka yi mini mai kyau kamar na Maggi, mutane su ga ya yi na kamfani." Umarnin da hannu ke saurin rubutawa shi ne:

```
seasoning sachet design in the style of Maggi
```

12/ Me zai fito? Manhajojin nan an horar da su da tarin hotuna masu bayani a jikinsu. Da ka ambaci sunan, ka kira duk abin da ke tafiya da shi: rawaya mai haske, ja, rubutu mai kauri a cikin jan fili. Wani lokaci har wani gurɓataccen tambari zai fito, haruffan a karkace amma ido ya san daga ina aka ɗauko. Ba ka tambayi "mai kyau" ba. Ka tambayi shigar wani.

13/ Kuma umarnin nan yana zaune a tarihin asusunka. Saƙon antin ma yana nan a WhatsApp. Na ce ba a buƙatar niyya, haka ne, amma in aka samu shaidar cewa da gangan aka kwaikwaya, aikin mai ƙara ya yi sauƙi sosai. Da wuya ka ce kamannin tsautsayi ne alhali da hannunka ka rubuta sunan.

14/ Mataki na biyu shi ne wanda masu wayo ke yi, kuma shi na fi son mu tattauna. An cire suna, an bar komai:

```
seasoning sachet, bright yellow background, red rounded
badge in the centre, bold yellow lettering
```

Babu sunan kowa a ciki. Amma karanta shi a hankali. Wannan siffanta ledar wani ce, layi bayan layi. An wanke hannu an bar ƙafa da taɓo.

15/ Ga ma'aunin da nake amfani da shi: karanta wa abokinka umarnin ba tare da ka faɗa masa komai ba, ka ce ya canki kamfanin. In ya canka, umarnin bai tsarkaka ba. Mai saye ba zai taɓa ganin abin da ka rubuta ba, alƙali ma leda biyu za a ajiye masa a gaba. Sakamakon ake dubawa, kuma sakamakon umarni na biyu kusan ɗaya ne da na farko.

16/ Wata dabarar da ta fi wannan muni ita ce ɗora hoton ledar kishiya a matsayin madubi. A Midjourney akwai `--sref` da ke ɗauko salon hoton da ka ba shi, sauran manhajoji ma suna da irinsa. Abu ne mai amfani in hotonka ne, ko hoton zanen ƙwarya da ka ɗauka a kasuwa. In hoton kayan kishiya ne, ka miƙa wa manhaja ainihin abin da ya kamata ka guje wa.

17/ To ya za a yi? Koma wurin antin ka tambaye ta abin da take nufi da "kamar na Maggi". Sau da yawa abin da take so uku ne: a hango shi daga nesa, ya yi tsafta kamar na kamfani, kuma a gane kayan miya ne. Babu ɗaya cikin ukun da yake mallakin wani. Ana samun kowanne ba tare da an taɓa ja da rawaya a wancan tsarin ba.

18/ Daga nan sai ka ɗauki takarda ka raba shigar kishiyar gida huɗu: launin da ya mamaye, yadda aka tsara fili, salon haruffa, da hoto ko siffa. A kowane gida rubuta abin da suka yi, sannan ka zaɓi naka daga kayan antin. Ka yi wannan da biro kafin ka buɗe manhaja. Minti goma sha biyar ne, kuma nan ne ainihin aikin dizayin yake.

19/ Launi. Ga wani abin sha'awa: daddawa daga kalwa ake yin ta, ƴaƴan ɗorawa, kuma sunan launin ma a bakinmu ruwan ɗorawa ne. Anti tana da hujjar amfani da rawaya fiye da kowa. Amma matsalar haɗin ce: rawaya a matsayin fili da jan tambari a tsakiya. Don haka rawaya ta koma ƙarama, ta fito a cikin hoton ɗorawa kawai. Filin ya zama shuɗin baba irin na marinar Ƙofar Mata.

20/ Tsari. Maimakon tambari zagaye a tsakiya, a raba ledar biyu: sama fili na suna, ƙasa hoto. Haruffa: maimakon masu kauri masu lanƙwasa, a zaɓi miƙaƙƙu, farare a kan shuɗi. Hoto: ƙaramar ƙwarya da garin a ciki, gefenta ɗorawa biyu. Gefen ledar kuma a zagaye shi da zane irin wanda ake ƙona wa ƙwarya. Kowane zaɓi akwai dalilinsa a cikin kayan.

21/ Umarnin ya koma haka:

```
sachet for ground locust bean seasoning, deep indigo
background, empty band at top, small carved calabash of
brown powder, two locust bean pods, calabash pattern
border --no text, logo
```

Ka ba abokinka wannan ya canka. Abin da zai ce shi ne daddawa, ko kayan Arewa. Ba zai kira sunan wani kamfani ba.

22/ Ku lura na hana rubutu da tambari da `--no`. Dalili biyu ne. Manhajojin zane kan jagwalgwala haruffa, balle namu masu lanƙwasa kamar ƙ da ɗ. Kuma in ka bar su su ƙirƙiro tambari, suna jan sa zuwa tamburan da suka saba gani. Bar filin a buɗe, ka sa sunan da kanka a Canva ko duk abin da kake amfani da shi.

23/ Wani kuskuren da ake yi: rubuta "not like Maggi" a cikin umarni. Yawancin manhajojin zane ba su iya riƙe kalmar hani da kyau ba. Sunan suke ji, sai su jawo abin da kake gudu. Kar ka ambaci kishiya ko da don hani ne. Faɗi abin da kake so da cikakken bayani har babu gurbin da manhaja za ta cike da ra'ayinta.

24/ Wannan maganar gurbi tana da muhimmanci. Ko ba ka kira kowa ba, in ka rubuta gajeren umarni kamar `seasoning sachet` kawai, abin da zai fito yakan karkata zuwa kamannin manyan kasuwa, domin hotunansu ne suka fi yawa a abin da aka koya wa manhajar. Gajeren umarni ba tsaka-tsaki ba ne. Duk abin da ba ka zaɓa ba, an zaɓar maka daga na wasu.

25/ Saboda haka dole a gwada sakamako kafin maɗaba'a. Gwaji na farko: buga shi a takarda daidai girman ledar, rufe sunan da yatsa, ka ajiye kusa da na kishiya. Ja da baya taku uku. Kira mutum biyar da ba su san aikin ba, har da yaro da wata tsohuwa, ka tambaye su: kayan wa ne wannan? In ko mutum ɗaya ya kira sunan kishiyar, koma ka gyara.

26/ Kar ka tambaye su "sun yi kama?" Wannan tambaya tana sa mutum ya fara neman bambanci, kuma zai samu. Mai saye a kasuwa ba ya jera leda biyu yana ƙirga layi. Abin da ya tuna yake saye da shi, cikin sauri, ga rana ga cunkoso. Gwajinka ya yi kama da wannan yanayin.

27/ Gwaji na biyu: sa hoton a sitatus ka kalle shi yana ɗan ƙarami. A wannan girman suna ya ɓace, launi da tsari ne kawai suka rage, kuma haka yawancin kwastomomi za su fara ganinsa. Na uku: saka shi a Google Lens ka ga hotunan da zai ce sun yi kama. In kayan kamfani ɗaya suka cika sakamakon, ka samu amsa. In babu, hakan bai zama takardar wankewa ba, alama ce kawai.

28/ Na san abin da za a ce a ƙasa: "Kowa haka yake yi, je kasuwar Singer ka gani." Na gani. Amma wanda ya kwaikwayi shigar wani ya ɗaure kansa. Ba ya son ya yi fice da yawa, don ranar da kayan suka karɓu ita ce ranar da za a lura da shi. A ce anti ta buga leda 10,000, ta biya kuɗin farantin bugu, sannan wasiƙa ta zo. Ledar ta zama shara, kuma kwastomomin da suka saba da ita sai an sake koya musu sabuwa.

29/ Za a kuma ce: "Launi na Allah ne, wa ya mallaki ja?" Gaskiya ne, babu wanda ya mallaki ja a duniya. Kuma akwai abubuwan da kowa a fanni yake yi: hoton tukunya a kayan miya, hoton saniya a madara, kore a ganyen shayi. Waɗannan yi abinka. Abin gudu shi ne haɗin da mutane suka riga suka ɗaura wa kamfani ɗaya, a kan irin kayan da kai ma kake sayarwa.

30/ Iyakar ba koyaushe take fitowa fili ba, kuma ni ɗalibi ne, ba lauya ba. Shi ya sa nake ganin neman "iya kusancin da doka ta yarda" ɓata lokaci ne ga ƙaramin ɗan kasuwa. Wannan wasan masu lauyoyi a ofis ne. Mu nisa ya fi mana arha. Da manhaja, gwada sabuwar hanya ba ya cin fiye da ƴan mintuna, to me ya kai mu bakin rami?

31/ Akwai kuma abin da ya wuce kotu. In kaka ta ba da kuɗinta tana zaton abin da ta saba ne, ta koma gida ta ga wani abu daban, an ha'ince ta, ko da naka ya fi daɗi. Mun san sunan wannan a kasuwa, kuma mun san abin da aka koya mana a kansa tun muna Islamiyya. Manhaja ta sauƙaƙa yin sa, hukuncinsa dai yana nan yadda yake.

32/ In kwastoma ta dage sai irin na wancan, ga abin da nake ba da shawara a faɗa mata: "Anti, in aka yi irin nasu, tallansu za ki riƙa yi, duk wanda ya gani su zai tuna. In aka yi naki, shi za ki iya kai wa rajista ki hana wani ɗauka." Sannan ka nuna mata samfuri biyu ko uku na hanyar da ka zaɓa. Mutum ya fi saurin sakin abin da yake so in ya ga wani mai kyau a gabansa.

33/ Maganar rajista gaskiya ce. Ofishin rajistar alamun kasuwanci yana Abuja ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu, kasuwanci da zuba jari, kayan ɗanɗano suna aji na 30, rajistar farko tana ɗaukar shekara 7 sannan a sabunta. In kayan za su shiga shaguna da yawa, a nuna wa lauyan da ya san fannin lebul ɗin kafin a buga. Kuɗin ganinsa bai kai kuɗin sake leda ba.

34/ Abu na ƙarshe: ajiye takardar nan ta gida huɗu, da umarnin da ka rubuta, da samfuran da ka watsar. In wata rana aka tambayi daga ina wannan shigar ta fito, kana da amsa: daga ɗorawa, daga ƙwarya, daga marina. Masu sana'ar nan, ku ajiye umarnin da kuka rubuta kwanan nan a ƙasa, ku ɓoye sunan kayan, mu gwada canka. Wanda aka canki nasa ya san aikin da ke gabansa.